Man ƙara haske ba ya mayar da ƙuruciyar fuska

Tambaya: Likita, shekaruna 43. Kumatuna sun fara saki, ƙasan idona ya faɗa, fuskar kuma ta dushe. Wata mai haɗa man shafawa ta ce in na ƙara haske zan koma kamar 'yar shekara 30. In saya?

Amsa: Hajiya, kada ki saya. Yawancin abin da kike gani a madubi daga ƙarƙashin fata yake tasowa. Tun kafin shekara 30 kolajin, wanda ke riƙe da fata, yake raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara. Daga 40 kitsen da ke cika saman kumatu yakan ragu ya gangaro, shi ya sa layin da ke tsakanin hanci da baki yake zurfafa. Idan al'ada ta ɗauke, mace na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin a shekara 5 na farko, zuwa 60 kuwa ƙashin muƙamuƙi da na kewayen ido ma sun ragu. Launi ba shi da hannu a ko ɗaya, hasali ma baƙar fata ta fi jinkirin tamoji.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu haɗe-haɗen nan ba sa faɗin abin da suka zuba. Galibi akwai sitiroyid, wato maganin kumburi da ƙaiƙayin fata, mai ƙarfi irin su kilobetasol, wanda aikinsa a nan shi ne hana fata ƙera kolajin, wato daidai abin da kike kukan rasawa. Makonnin farko fuska za ta yi fes, kowa yana yabawa. Bayan watanni sai fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a haɓa, rana kaɗan ta ƙona ta. In an daina ta yi ja da ƙaiƙayi, sai mai haɗin ta ce a ƙara wani. Haidirokwinon kuma, wani sinadarin ƙara haske da ake zubawa a irin wannan mai, in aka daɗe ana shafawa ba da kulawar likita ba, yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, wanda yake da matuƙar wuyar magani. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa irin wannan haɗin ta je wurin likitan fata a yaye ta a hankali, kada ta yanke rana ɗaya.

Dushewar kuwa tana gyaruwa. Ki riƙa shafa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama kowace safiya, domin rana ce ke ƙara duhun tabo. Da dare ki shafa ritinol, wani man fata daga dangin bitamin A, ɗan ɗigo kaɗan, sau biyu a mako da farko, ki bi shi da mai mai laushi, ki kuma ba shi wata uku kafin ki yanke hukunci. Mai ciki ba ta amfani da shi. Ki rage hoda mai kauri, domin tana kwanciya cikin layukan fuska ta ƙara fito da su, sannan ki daina tsige gira har ta zama zare, tunda da shekaru ita ma raguwa take yi.