Dala ta tashi, jarina na narkewa

"Don Allah 'yan uwa, ina ɗan shigo da kayan waya daga Chana ina saidawa a Farm Centre. Duk san da na gama saida kaya na koma oda sai kuɗin su kasa sayen abin da suka saya a baya. Ya zan yi?"

Ɗan uwa matsalarka lissafi ce, kana lissafin riba da naira alhali jarinka dala ne ko yuwan. Bari in buga maka misali. Ka sayi kayan dala 5,000 lokacin tana 1,400, miliyan 7 kenan, jigila da kiliyarin suka ci miliyan 1, kaya sun sauka Kano a miliyan 8. Ka saida miliyan 9 kana murna ka ci miliyan guda. To kafin ka gama tattara kuɗinka dala ta kai 1,700, wannan kayan dai yanzu miliyan 8 da rabi ne, jigila ma dala take bi, kwastam ma da canjin ranar suke yanka haraji, sai ka ga kusan miliyan 9 da dubu 700 kake nema. Ribar ta tafi, har jari an taɓa.

Ni yadda nake yi, kullum da safe sai na kira mutumina a Wapa na ji nawa dala ta kwana, farashin shago kuma a kan kuɗin da zan maido da kayan yau nake ɗora shi, ba yadda na saye su ba. Kwastoma zai ce ai tsohon kaya ne Alhaji, eh tsoho ne amma da sabon kuɗi za a maido shi.

Sannan kar ka tara naira kana jiran ta cika kuɗin oda. Duk sati abin da ya shigo ka cire na cefane da haya, sauran ka canza ko ka tura wa mai kayanka ya rage balas. Wannan rarrabawar tana kare ka ta kowane ɓangare, don dala ba tashi kawai take ba. A Fabrairun 2024 ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage, mutane suka tsorata suka zuba duk jarinsu rana ɗaya, zuwa Afrilu ta faɗo wajen 1,100 da ɗoriya, wanda ya yi oda daga baya ya zo yana karya musu farashi suna ji suna gani.

Bashi kuwa shi ne ya fi kashe ƙaramin ɗan kasuwa a irin wannan yanayi. Ka ba mutum kaya wata biyu ya kawo maka nairar da ta rame, kai ka ɗauki asarar canjin shi ya ci ribar. In dole ne kar ya wuce sati biyu, ko ku yi magana tun farko gaban shaidu cewa farashin ranar biya za a bi, amma wannan ka fara tambayar malami hukuncinsa kafin ka ƙulla.