Memori Ya Ce a Yi Masa Fomat: Hotunan Sun Tafi Ke Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Memorina mai gig 32 ne ya daina buɗewa, waya sai ta ce in yi fomat. Hotunan bikin ƙanwata duk suna ciki. Ko akwai dabara? Daga Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki danna Format, ki cire memorin yanzu, kar a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi. Galibi hotunan suna nan. Abin da ya lalace shi ne ɗan jadawalin da ke nuna wa waya inda kowane hoto yake, kuma yakan lalace idan an zare memori ko caji ya ƙare ana cikin ajiye wani abu. Sabon abin da aka zuba a kai shi ke taka tsohon, shi kuwa ba ya dawowa.

Ki goge ƙarfen bayansa da busasshen ƙyalle mai laushi, ki sa shi a kad rida, a jona da kwamfuta. Idan shiru, a canza ridar kafin a yanke hukunci, domin na sha ganin memori lafiyayye a cikin mataccen adafta. Kwamfutar ma za ta nemi fomat, a danna Cancel. Sai a danna Windows da R tare, a rubuta wannan a danna Enter:

```
diskmgmt.msc
```

Girman memorin da ya nuna a shafin da zai buɗe shi ne abin dubawa. In kika ga wajen 29 GB da kalmar RAW, alhamdu lillahi, memorin yana da rai. In ya nuna No Media a rida biyu, ko yana zafi a hannu, to cikinsa ne ya mutu, manhaja ba za ta iya komai ba.

Mai rai kuwa, manhajar kwamfuta mai suna PhotoRec nake sa masa, kyauta ce. Ba ruwanta da jadawali, bi take lungu-lungu tana tsinto hotunan. A zaɓi memorin, a zaɓi Whole, sannan a nuna mata wurin ajiya a cikin kwamfuta, ba kan memorin ba. Za su fito a folda mai suna recup_dir.1 da wasu sunaye na lambobi, sai ki zauna ki tantance. Dogon bidiyo yakan fito a gutsure, wannan sai haƙuri. Don Allah kar ki bari mai gyara ya fara da chkdsk, umarnin gyaran diski na Windows, domin rubutu yake yi a kan memorin.

Abu ɗaya nake so ki tuna: ranar da kika fara sa shi, kin zaɓi ya zama ma'ajiyar cikin waya? In haka ne, a kulle yake da mabuɗin wannan wayar, PhotoRec ba za ta ga komai ba. Ki mayar da shi cikinta, ki kashe ki kunna, kuma kar a yi wa wayar filashin kafin a kwashe hotunan.