Babin farkon da bai riƙe mai karatu ba

"Inna, barka da war haka. Wata ƙawata a ƙungiyarmu ta marubuta a nan Gusau ta ba ni babin farko na littafinta in duba mata. Hausarta ba laifi, amma da na gama ban ji ina ɗokin shiga babi na biyu ba, na kuma rasa abin da zan ce mata. Ga shi na turo miki. Me ke sa wani babin ya riƙe mutum, wani kuma ya sake shi? Kuma yaya zan faɗa mata ba tare da na kashe mata gwiwa ba?"

Ɗiyata, na karanta shi, kuma albishirinki: ƙawarki tana da labari. Yana nan a shafi na 9. Matsalar dai shafuka 8 ne suka tare masa hanya.

Buɗe takardun mu bi su tare. Shafi na 1 da na 2 asuba ce: ladan ya kira salla, zakaru na cara, Hindatu ta tashi ta yi alwala, ta yi shara, ta tsaya gaban madubi aka zayyana mana ita tun daga gashi har yatsun ƙafa. Daga shafi na 3 zuwa na 6 sai aka tsayar da komai aka ce "Wace ce Hindatu?" Aka kawo kakanta da ya taso daga Maradun ya zauna Talata Mafara, da matan ubanta biyu, da 'ya'yan gidan su 14, kowa da sunansa da shekarunsa. Shafi na 7 da na 8 hira ce da ƙawa a bakin famfo. Sai a shafi na 9 yaran wani dillali suka zo ranar Lahadi suka jibge buhunan da ba komai a cikinsu guda 20 a zaure, suka ce maigidansu zai zo Talata ya kwashi shinkafarsa. A nan muka ji cewa uban Hindatu ya ci bashin taki da kuɗin ƙwadago don noman rani a filayen Bakolori, a kan zai biya da shanshera buhu 20. Ya samu 22. Yana kwance ba lafiya, makullin ɗakin ajiya na hannun Hindatu. Ita kaɗai ta san saura buhu 13 a ciki, don yayanta ya fitar da 9 cikin dare, kuma ita ta haska masa fitila.

Tsaya a nan ki tambayi kanki abin da ya faru da ke lokacin da kika iso wannan shafin. Na tabbata kin gyara zama. Dalili kuwa, a nan ne karon farko da wata tambaya ta taso miki wadda takardar ba ta amsa ba tukuna: za ta tona yayanta, ko za ta bari a ci mutuncin ubanta a gaban jama'a ranar kasuwa? Abin da ke riƙe mai karatu ke nan. Mutum ba ya son barin tambaya a buɗe, amma fa sai tambayar ta rataya a wuyan wani da ya sani, wanda kuma zai yi asarar wani abu. Dubi yadda wannan ta cika. Mun san wadda abin ya shafa. Mun san ko ta ina ta juya sai ta rasa wani nata. An kuma yanka mata wa'adi, kwana biyu kacal. Da a ce dillalin cewa ya yi zai zo "wata rana," da rabin ƙarfin ya zube, don abin da ba shi da rana ba ya hana mutum ajiye littafi ya tafi ɗora tukunya.

Shafuka 8 na farko kuwa amsoshi ne zalla, na tambayoyin da ba wanda ya yi. Ba mu nemi sanin kakan Hindatu ba, don ba ta riga ta shiga ranmu ba. Sunaye 14 kuma ba mai riƙe su. Kafin a kai na shida an manta na biyu. Asubar da aka buɗe da ita, asubar kowane gida ce daga Kaura Namoda har Yawuri. Babin farko yana so ya fara a ranar da ta bambanta da sauran ranaku, kuma kusa da lokacin da ta bambanta ɗin.

Kada ki ga laifin ƙawarki da yawa, gado ne muka tarar. Mai tatsuniya tana iya farawa a hankali, don yara sun riga sun zauna sun ce ta zo mu ji ta. Ko littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, da dama a cikinsu wannan zubin suka bi: wani ya zauna, jama'a sun kewaye shi, yana ba su labarin rayuwarsa. Mai karatun yau ba ta yi alkawarin zama ba. A waya take karantawa, saƙonni na shigowa, ga wasu littattafai birjik suna jiranta. Dole shafin farko ya nemi zamanta da kansa.

Sai dai in ja miki kunne, don na san abin da matasa ke yi da zarar sun ji an ce a fara da abin da ke faruwa. Sai su buɗe da mari, tas! Ko ihu, ko mota ta ƙwace, ko wata na gudu cikin daji sannan a ce firgigit ta farka, ashe mafarki ne. Wannan ƙara ce kawai. Marin da aka yi wa wadda ban sani ba bai dame ni ba, mafarkin kuwa yaudara ce, mai karatu ta ba da zuciyarta an ce mata wasa ake yi, ba za ta sake bayarwa da sauƙi ba. Haka masu ɓoye suna, a yi shafi uku ana "ita" da "shi" da "wannan abin" da sunan jan rai. Akwai bambanci tsakanin mai son sani da wanda ya rikice. Mai son sani ya fahimci halin da ake ciki sarai, abin da zai biyo baya ne bai sani ba. Wanda ya rikice bai ma san inda yake ba. A labarin Hindatu ba a ɓoye mana komai ba, mun san adadin buhunan da wanda ya ɗauka, kuma sanin ne ma ya tayar mana da hankali. Buhu ne da ba komai a ciki aka ajiye a zaure, ba wanda ya ɗaga murya, amma ya fi mari goma.

To, aikin dubawa. Karatun farko ki yi shi a matsayin mai karatu, ba malamar makaranta ba. Alama biyu kawai za ki riƙa yi a gefen shafi: ɗigo a duk inda hankalinki ya tafi wani wuri ko idonki ya tsallake layi, da ɗan layi a inda kika fara jin kina son sanin wani abu. Idan kin gama sai ki kife takardun ki gwada faɗa da baki, a jimla ɗaya, labarin wace ce, me take so yanzu-yanzu, me za ta rasa in ba ta samu ba. In jimlar ta ƙi fitowa, babin bai da ƙashin baya, gyaransa babba ne, wataƙila marubuciyar ba ta gama sanin labarinta ba. In ta fito amma layinki na farko yana can nesa, kamar wannan, to gyaran na zubi ne, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da ni ce, da farkon zai yi kama da haka:

"Buhu ashirin yaran Alhaji suka jibge a zaure, duk a ninke, ba ko ƙwaya a ciki. Babbansu ya ce, 'A gaya wa Malam jibi Talata da hantsi za mu zo da mota.' Hindatu ta amsa da to, hannunta na kan makullin da ke ɗaure a bakin zanenta. Daga ɗaki Baba ya yi tari ya ce, 'Ki ce masu ba komai, kayansu na nan cif.'"

Kin ga a layuka kaɗan mun sami wuri, da rana, da bashi, da uban da ke kwance bai san komai ba. Makullin ya gaya mana matsayinta a gidan fiye da shafi biyu na madubi. Sauran bayanan ba zubar da su za a yi ba, jinkirta su za a yi. Kishiyar uwa ta shigo lokacin da ta zo neman awo ta ga Hindatu ta hana ta leƙa ɗakin. Kakan Maradun ya fito a bakin Baba sa'ad da yake cewa gidansu ba a taɓa biyo su bashi ba. A nan tarihin zai yi zafi, don ya ƙara wa yarinyar nauyi. Ƙarshen babin ma yana son taɓawa. Yanzu ya ƙare da ta kwanta barci ya ɗauke ta, wato an sallami mai karatu ita ma ta je ta kwanta. Gara ya tsaya a inda yayan ya shigo da dare ta tare shi a zaure.

Amma wannan misalin naki ne, don idonki ya buɗe. Kada ki kai mata shi. Idan kika rubuta mata farkon littafinta, ko dai ta ji haushi ta ƙi, ko ta karɓa muryarki ta zauna a shafin farko, tata ta ci gaba daga na biyu, kuma ɗinkin zai nuna.

Abin da za ki kai mata shi ne labarin karatunki. "Bai yi daɗi ba" ba ta da amfani, ba a gyara komai da ita. "Ma sha Allah, ya yi" kuma cin amana ce in ba haka ke ranki ba. Ki fara da shafi na 9, ki ce mata a nan kika ji gabanki ya faɗi, ki faɗi dalili. Sannan ki nuna mata ɗigoginki: a shafi na 4 na fara tsallake sunaye, a na 7 na duba saura shafi nawa. Wannan ba ta da hanyar musa shi, don ba hukunci kika yanke wa basirarta ba, abin da ya same ki kika faɗa. Daga nan ki tambaye ta me zai ɓace in littafin ya fara daga zuwan buhunan. Ki yi shiru ki bar ta ta lissafa. Wataƙila ta ce akwai abu a hirar bakin famfo da babi na 5 ya dogara a kansa. Ta fi ki sanin littafin, ku nemo masa wani wurin tare.

Na ga wuraren da ta haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da inda ƙugiyar ƙ da ɗ ta faɗi. Ki bar su tukuna. In kika cika takardar da jan biro a kan ƙa'idojin rubutu, su za ta bi ta gyara ɗaya bayan ɗaya ta ɗauka aiki ya ƙare, alhali rabin shafukan nan ba za su kai ga bugu na gaba ba. Ki roƙe ta ta sake zubin babin ta dawo miki da shi, ku kuma ba wata da ba ta taɓa jin labarin ba ta karanta shafi biyun farko, sannan ku tambaye ta me take tsammani zai faru ranar Talata.