Me ya sa "is" ke komawa ƙarshe a "where the station is"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A gwajin Turanci na rubuta "Can you tell me where is the station?" sai malaminmu ya bi shi da jan biro, ya mayar da shi "where the station is". Ni kuwa tun muna firamare aka koya mana cewa in tambaya ce, "is" ita ke zuwa gaba. Wanne ne daidai, kuma me ya sa? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya yi daidai. Abin da aka koya muku a firamare ma ba kuskure ba ne, sai dai rabin ƙa'idar aka ba ku.

Ga sauran rabin. Turanci yana juya jerin kalmomi ne a tambayar da ke tsaye da ƙafarta. A zance na bayani ana cewa "The station is there", wato abin da ake magana a kansa ya zo gaba, aikatau ya biyo baya. In za a yi tambaya kai tsaye sai a yi musanya, a ce "Where is the station?" To amma a jimlar da kika rubuta, tambayar tasha ba ita ke tsaye ba, goya ta aka yi a bayan wata, ɗan goyo kuwa ba ya taka ƙasa. Tambayar da ke tsaye ita ce "Can you tell me", kuma in kin duba da kyau an riga an yi juyin a can: "you can" ne ya koma "can you". Duk abin da ya biyo baya shi ne abin da kike so a gaya miki. Yana zaune ne a gurbin da suna zai iya zama, kamar a ce "Can you tell me the time?" ko "Can you tell me your name?" Tunda gurbin suna ya cike, ba a juya shi, sai ya riƙe jerin zancen bayani: "the station" a gaba, "is" a baya.

Hausa ma tana bambanta waɗannan biyun, sai dai ta wata hanya daban, kuma a ganina nan ne tushen wahalar ɗalibanmu. Mukan ce "Ina tashar take?" amma in mun goya tambayar sai mu ce "Gaya mini inda tashar take." Haka "yaya" kan koma "yadda", "me" ya koma "abin da", "yaushe" ya koma "lokacin da", "wa" ya koma "wanda". Ki lura, "tashar take" bai motsa ba a duka biyun. Mu kalmar tambayar muke canzawa, mu bar jerin yadda yake. Turawa kuwa kalmar tambayar suke bari, "where" ɗin nan ɗaya ce a ko'ina, sai su canza jerin. Saboda haka duk inda Hausarki za ta ce "inda", "yadda", "abin da" ko "lokacin da", to ki san a Turanci ba za a juya ba. Wannan ma'aunin ya fi haddar ƙa'ida sauƙi, domin kina ɗauke da shi a bakinki tun kina ƙarama.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci suna da ƙarin tarko, don a can "où est la gare" daidai ne ko a tambaya kai tsaye ko a goye. In suka ɗauko wannan jerin suka zuba a Turanci, kuskurenki suke yi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, don "is" ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. A ce kina tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja, za ki koma Rigasa, kin sami ma'aikaci kina son yi masa tambayoyi cikin ladabi. Ta farko ba wuya: "Where is the ticket office?" za ta zama "Could you tell me where the ticket office is?" Ɗauke "is" kawai kika yi kika ajiye ta bayan sunan. Haka za ki yi da "can", "will", "has" da 'yan'uwansu: "When will the train arrive?" ta koma "Do you know when the train will arrive?"

Ta biyu ce ke kayar da mutane. Kina son sanin lokacin tashin jirgi, tambayar kai tsaye ita ce "When does the train leave?" A nan ba a mayar da "does" baya, jefar da ita ake yi gaba ɗaya. Dalili kuwa, "does" ba ta da wata ma'ana a jimlar. An kawo ta ne don Turanci ba ya yarda a juya aikatau irin su "leave" ko "go" su da kansu, sai an nemo mai tsaya musu. Da zarar juyi ya tashi, aikinta ya ƙare. Amma akwai amanar da take riƙe da ita, wato harafin "s" na mutum ɗaya, kuma dole a mayar wa aikatau kayansa: "Do you know when the train leaves?" Mai cewa "when the train leave" ya jefar da "does" har da amanar. Mai cewa "when the train does leave" kuma ya yi jimlar da nahawu bai hana ba, amma ma'anarta ta jaddadawa ce, kamar mai gardama, ba abin da kike nufi ke nan ba.

Da "did" ma haka abin yake, sai dai amanar da take riƙe da ita shuɗaɗɗen lokaci ne. "Where did the driver go?" tana komawa "Do you know where the driver went?" Ba "go" ba, "went". Ɗalibi yana iya gane batun jeri sarai, amma ya faɗi a nan saboda ya manta ya mayar da aikatau shuɗaɗɗe. Wuri ɗaya ne "do" da 'yan'uwanta ke tsira, shi ne in akwai korewa. "Why didn't the train come?" za ta zama "Can you tell me why the train didn't come?" domin korewar ba ta da abin jingina sai ita.

Sai kuma tambayar da amsarta e ko a'a ce, wadda ba ta da kalmar tambaya a gaba. Kina son sanin ko jirgin yana tsayawa a Kubwa: "Does the train stop at Kubwa?" Kin ji yadda na ce "ko jirgin yana tsayawa"? Wannan "ko" ɗin tamu ita ce "if" ko "whether" a Turanci: "Do you know if the train stops at Kubwa?" Duka biyun suna aiki a nan, amma "whether" ta fi dacewa da rubutun hukuma, kuma ita kaɗai ke iya zuwa kafin "to", kamar a "I don't know whether to wait".

Akwai tambayoyin da ba abin da za ki taɓa a cikinsu. "Who sells the tickets?" tana zama "Do you know who sells the tickets?" Haka "Which train goes to Kaduna?" Tun asali ba a juya su ba, domin kalmar tambayar ita ce a gurbin mai aikin. Kada ɗoki ya sa ki nemi abin mayarwa baya inda babu.

In kin gama rubutu kina shakka, ga gwaji mai sauri. Rufe duk abin da ke gaba da yatsa, har da kalmar tambayar, ki karanta ragowar. In ya karantu kamar farkon zancen bayani, "the station is", "the train leaves", "the driver went", to kin yi daidai. In kuwa ya karantu kamar wata tambayar, "is the station", "does the train leave", sai gyara. Banda irin su "who sells the tickets" da na ambata, su ba sa shiga wannan gwajin.

Alamar tambaya kuma ba ruwanta da ɗan goyo, uwar take bi. "Can you tell me where the station is?" tana ɗaukar alamar tambaya saboda "can you". Amma "I wonder where the station is" da "Please tell me where the station is" da "She asked where the station was" duk aya ake sa musu. Na sha ganin wasiƙun neman aiki masu kyau da wannan ɗan kuskuren ya ɓata, musamman a jimlar "I would like to know when the interview will hold" da aka liƙa wa alamar tambaya a banza. Ki lura da "was" a misalin ƙarshe: in ana ba da labarin tambayar da aka yi a baya, galibi aikatau na ciki ma yakan ja da baya.

Za ki iya cewa, ai kina jin mutane suna faɗin "tell me where is the station", har da masu ilimi. Gaskiya ne. Ana jin wannan jerin a bakin mutane a Najeriya da Indiya, har a Turancin Ailan, kuma ba wanda zai kasa gane ki a tasha saboda shi. Wani lokaci ma daidai ne ko a daidaitaccen Turanci, in aka ɗan dakata a tsakani: "Tell me, where is the station?" ko "Excuse me, where is the station?" Waƙafin nan ya sauke tambayar daga goyo, ta tsaya da kanta, don haka juyi ya dawo. Amma a jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a, da duk wata takarda ta hukuma, jerin da malaminku ya rubuta ake nema, kuma masu tsara tambayoyi sun san ɗalibai na tuntuɓe a nan, shi ya sa sukan jera miki duka biyun a cikin zaɓi.

Saura tarko ɗaya da nake so ki sani tun kafin ki ci karo da shi. "Do you know" tana zama a farko, amma "do you think" ba ta yarda da haka in akwai kalmar tambaya. Ba a cewa "Do you think where the station is?" Kalmar tambayar ce ke tsallakowa gaba: "Where do you think the station is?" Bambancin a amsa yake. Wanda aka ce wa "Do you know where it is?" zai iya cewa e ko a'a, wanda kuwa aka tambayi ra'ayinsa sai ya ambaci wuri. Ko a nan ɗin ma juyin yana kan "do you", "the station is" kuwa tana nan a jerinta. Haka za ki ce "When do you think the train will arrive?" ba "will the train arrive" ba.