Makin tuna abu ya faɗi, sauran kuwa lafiya lau

Tambaya: An yi wa mahaifina gwajin ƙwaƙwalwa a asibiti. Tsohon malamin makaranta ne, shekarunsa 67. Ya samu 68 a tuna abu, 101 a mayar da hankali, 104 a harshe. Ciwon mantuwa ne ya kama shi?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan maki ba irin na jarrabawar makaranta ba ne. A ma'aunin, 100 ne tsaka-tsakin sa'o'insa, kuma daga 85 zuwa 115 duk daidai ne. A cikin mutum 100, kusan biyu ne kawai ke samun 70 ko ƙasa da haka.

Makin nan biyu masu kyau su suka sa ba za a yi wasa da na ukun ba. Wanda hankalinsa ya rabu biyu saboda gajiya, ko bai fahimci umarni ba, yakan faɗi a fannoni da dama. Baba kuwa ya ji, ya gane, ya riƙe na ɗan lokaci. Daga nan ne abin ke zubewa.

Ki nemi cikakken rahoton, domin 68 ɗin jimla ce kawai. A gwajin Rey, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen tuna abu, ana karanta kalmomi 15 sau biyar, mutum yana maimaitawa. A ce Baba ya kama biyar da farko, ya kai takwas a karo na biyar, amma bayan kusan rabin awa ɗaya tak ya tuna. Sai a gauraya kalmomin da wasu sababbi a ce ya zaɓo waɗanda ya ji. Nan ake yin ta. In ya gane 13 ko 14, an adana su, zaƙulo su ne ya gagara, kuma hakan ya fi yawa a ciwon damuwa ko lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, irin wadda hawan jini ke haddasawa. In kuwa canki-canki ya yi, har yana amsa kalmomin da ba a karanta ba, to ba su zauna ba tun farko. Wannan yana nuni da hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa da ke adana sabon abu, wanda cutar Alzheimer, wani nau'in ciwon mantuwa, kan taɓa da wuri. Shi ya sa cewar 'yan gida "ai yana tuna abin shekara 40 baya" ba ta kwantar mini da hankali. Tsohon abu ya riga ya zauna.

Duk da haka takarda kaɗai ba ta yanke hukunci. In har yana cefane, yana lissafin fanshonsa, yana shan magani da kansa, likitoci kan kira shi raunin ƙwaƙwalwa mara tsanani, kuma ba kowa ne ke wucewa zuwa ciwon mantuwa ba. Farfaɗiya da maganin barci irin su diyazefam ma suna rage tuna abu, don haka ki kai wa likita duk magungunansa. A duba bitamin B12 da sinadarin tayirod na maƙoshi a jini, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sannan a sake gwajin bayan wata shida zuwa shekara guda a kwatanta.