Me ya sa jan ƙarfe ba ya riƙe ruwansa shida daidai wa daida?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A aji an ce mana [Cu(H₂O)₆]²⁺ oktahedaral ne, amma a jadawalin littafi na ga haɗin Cu–O guda huɗu gajeru ne, biyu dogaye. Kuma da muka auna yadda ruwan CuSO₄ yake shanye haske a lab, tudu ɗaya muka samu a sifektaram ɗin, mai faɗi, ya karkace gefe guda. Samfurinmu ne ya gurɓata, ko kuwa?

Amsa: Barka kadai. Kwantar da hankalinka, samfurinku lafiyarsa ƙalau. Littafin da na'urar abu ɗaya suke gaya maka, kuma tushensa ilektaron guda ɗaya tak da bai sami abokin zama ba.

Cu²⁺, wato jan ƙarfen da ya rasa ilektaron biyu, yana da ilektaron 9 a obital ɗinsa na d. Idan ligan shida, wato molekul ko ayon da ke riƙe da ƙarfen kamar ruwan nan shida, suka kewaye shi, obital biyar ɗin sukan rabu gida biyu. Uku na ƙasa, t₂g, sun cika da ilektaron 6. Biyu na sama, eg, wato dz² da dx²−y², su ne za su raba ukun da suka rage. Uku ba ta rabuwa biyu daidai, dole ɗaya ya ɗauki biyu, ɗayan ya ɗauki ɗaya. To wanne zai ɗauki biyun? A cikakken oktahedaron babu bambanci, tsarin biyu kuzarinsu ɗaya. A kan irin wannan kunnen doki Hermann Jahn da Edward Teller suka yi magana a 1937: duk molekul ɗin da ba miƙaƙƙen layi ba ne, in ya sami kansa a wannan hali, ba zai zauna haka ba, sai ya jirkita siffarsa har kunnen dokin ya warware.

Ga yadda lissafin yake. Ka ja ligan biyun da ke kan layin z, na sama da na ƙasa, su ɗan yi nisa, huɗun da ke kwance su ɗan matso. Obital dz² yana fuskantar waɗanda suka ja baya, turin da yake sha ya ragu, sai ya sauka. Shi kuwa dx²−y² yana kallon huɗun da suka matso ido da ido, sai ya hau. Mu kira tazarar da ta buɗe tsakaninsu δ: ɗaya ya sauka da δ/2, ɗayan ya hau da δ/2. Ilektaron biyu suna cikin wanda ya sauka, ɗaya kacal a wanda ya hau, saboda haka ribar ita ce 2(δ/2) − 1(δ/2) = δ/2. Su ma na t₂g sun rabu, amma tunda a cike suke, hawa da sauka sun cinye juna. Ka gwada lissafin da Ni²⁺, mai ilektaron ɗaya a kowane obital na eg, ko Zn²⁺ mai bibbiyu: riba sifili. Shi ya sa a [Ni(H₂O)₆]²⁺ haɗin shidan duk suna wajen 205 pm, ba wanda ya zarce 'yan'uwansa da wani abin kirki.

Jan ligan ɗin ba ya tafiya har abada, domin shi ma miƙa haɗi yana da farashi. Ribar tana ƙaruwa daidai da tsawon jan, farashin kuwa yana ninkuwa huɗu in jan ya ninku biyu, sai siffar ta tsaya inda cinikin ya fi riba. A [Cu(H₂O)₆]²⁺ wurin tsayawar shi ne kusan 195 pm ga huɗu, 230 zuwa 240 pm ga biyu. A CuF₂, 193 da 227. A CuCl₂ abin ya kai 230 da 295, har mutum ya fara tunanin ko biyun nan suna cikin lissafi ma. Wannan bambanci ya yi girman da ba za a ɗora shi kan kuskuren awo ba. Wani abin lura, ƙa'idar Jahn da Teller ba ta faɗi ko miƙewa za a yi ko matsewa ba, a takarda duka biyun suna warware kunnen dokin. Awo ne ya nuna cewa jan ƙarfe kusan kullum miƙewa yake yi.

Yanzu tudun naku. Da a ce siffar cikakkiya ce, tsalle ɗaya ilektaron zai yi, daga t₂g zuwa gurbin da ke eg. Da ta jirkita, gurbin yana dx²−y², kuma daga wuri uku ake iya tsallakowa cikinsa: daga dz², daga dxy, da kuma daga tagwayen dxz da dyz. Tsalle uku ke nan, kowane da kuzarinsa, amma sun yi kusa da juna, kuma girgizar haɗin tana baza kowannensu, sai su narke su zama tudu ɗaya. Ƙololuwarsa tana wajen 800 nm, wato 12,500 cm⁻¹, da doguwar jela da ta shige yankin infirared. Jan haske ne ake shanyewa, shi ya sa idonka yake ganin shuɗi mai haske. In na'urarku ba ta wuce 800 ko 900 nm, rabin tudun kawai kuka gani. Kuma ni ba na son abin da ɗalibai kan yi, su ɗauki 12,500 cm⁻¹ su rubuta cewa shi ne Δo, wato tazarar da ke tsakanin t₂g da eg, kai tsaye. Kiyasi ne kawai, don tsalle uku ne aka cakuɗa a ciki. Faɗi shi kaɗai ma ba hujja ba ne, tsallen d zuwa d dama masu faɗi ne. Karkacewar da jelar su ne abin dubawa.

Akwai gwajin da za ka gani da idonka. Ɗiga amoniya a hankali cikin ruwan CuSO₄. Da farko wani gari-gari mai shuɗi-shuɗi zai fito ya dagula ruwan. Ci gaba da ɗigawa, zai narke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu kamar baba, tudun ya matso wajen 600 nm. Abin da ya samu shi ne [Cu(NH₃)₄(H₂O)₂]²⁺. Amoniya huɗu sun shiga gurbin gajerun haɗi cikin sauƙi, ta biyar sai ruwan ya yi kauri da amoniya sosai, ta shida kuwa ba ta shiga muddin a ruwa ake. Ni²⁺ yana karɓar shida.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne in suka ga haɗi shida masu tsawo ɗaya sai su ce babu jirkita. Ɗauki K₂Pb[Cu(NO₂)₆]. A zafin ɗaki, awon kiristal yana ba da Cu–N shida, duk kusan 211 pm. Ba wai jan ƙarfen ya sauya hali ba ne. Dogon layin ne yake yawo tsakanin x da y da z, awon kuwa matsakaicin dukan kiristal ɗin yake ɗauka, sai huɗu gajeru da biyu dogaye su haɗu su ba da lamba ɗaya. Ka sanyaya shi ƙasa da kusan 280 K, yawon zai fara tsayawa, bambancin ya bayyana. Sifektaram ɗin haske ba ya faɗa wa wannan tarko, domin tsallen ilektaron ya fi motsin atam sauri nesa ba kusa ba, a jirkice yake kama siffar ko da yaushe.

In kana son tabbatar da miƙewa ce ba matsewa ba, sai EPR, awon da ke duba ilektaron marar aboki a cikin filin maganaɗisu, a daskararren samfuri. Idan ilektaron ɗin da ba shi da aboki yana dx²−y², a cikin lambobi biyun da awon yake bayarwa za ka ga g∥ ya fi g⊥, dukansu kuma sun haura 2. Ga jan ƙarfen da ke cikin ruwa, g∥ yana wajen 2.4, g⊥ wajen 2.1. In siffar matsewa ta yi, ilektaron ɗin yana dz², sai jerin ya juye, g⊥ ya zama babba, g∥ ya sauko kusa da 2.0.