Bakin ganyen attaruhu ya ƙone bayan zuba yuriya

"Salam 'yan uwa, ina da attaruhu guda shida a bokitin fenti, ranar Asabar na zuba wa kowanne yuriya cikin tafin hannu, yau kwana uku bakin ganyen duk ya bushe ya yi ruwan ƙasa, in na taɓa sai ya marmashe. Cuta ce in sayo maganin feshi?"

Wa alaikumus salam Hajiya, don Allah kar ki kashe kuɗinki a maganin feshi, wannan ba cuta ba ce, taki ne ya ƙona su. Yuriya tana da ƙarfi ƙwarai, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, cikin tafin hannu a bokiti ɗaya ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Takin zamani in ya narke gishiri-gishiri yake zama a cikin ƙasa, kin san yadda in kika barbaɗa gishiri a yankakken tumatir ruwa ke fitowa, to haka yake wa saiwa, maimakon ta sha ruwa sai ƙasar ta riƙa zuƙe nata. Shi ya sa za ki ga ƙasa a jiƙe amma shuka ta yi yaushi kamar ba a ba ta ruwa ba, kuma bakin ganye ne ke fara bushewa don shi ne ƙarshen inda ruwa ke kaiwa. Cuta ba ta cika kama duka shida rana ɗaya ba, yawanci da ɗigo-ɗigo take farawa a ganye, tana bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin yi yau ɗin nan, kar ki bari sai gobe, ki fara kwashe ƙasar sama kamar kaurin yatsa biyu da duk wani farin ƙwaya ko farin ɓawo da kika gani, ki zubar can nesa. Sai ki duba gindin bokitin, in ƙofofin sun toshe ko guda biyu ne kacal ki ƙara hudawa da ƙusa mai zafi, ki ɗora bokitin kan bulo yadda ruwa zai zube ya tafi abinsa. Wannan ne wurin da mutane suka fi yin kuskure, su kwarara ruwa a bokitin da ba ya fitar da ruwa, takin ya narke ya kwanta a ƙasa saiwar na jiƙe a ciki, ga ƙuna ga ruɓa. Daga nan sai ki wanke takin daga ƙasar da ruwa, kowane bokitin lita 20 yana son kamar lita 40 zuwa 60, wato jarka biyu babba, kuma ba a juye shi lokaci guda, ki zuba kwano biyu uku ki jira ya tsane ki sake zubawa, har ya ƙare. Na san ruwa da tsada a wasu unguwanni, ko jarka ɗaya kika samu ki yi da ita, ya fi babu. In ruwan burtsatsenku mai zartsi ne ki nemi na famfo ko na sama.

Bayan nan ki ja su inuwa kwana uku huɗu, kar ki ƙara ruwa sai kin tura yatsa kin ji saman ya sha iska. Ganyen da ya ƙone ba zai dawo kore ba, amma kar ki tsige shi duka, wanda rabinsa ke da rai ki bar shi yana yi wa shukar aiki. Sabon toho za ki riƙa dubawa, in ya fito lafiya cikin sati biyu to sun tsira. Wanda karansa ya yi baƙi ya yi laushi daga gindi, gaskiya wannan da wuya ya tashi.

Taki kuma ki manta da shi sati uku cur, har da kashin kaji, don ɗanyensa ma ƙuna yake yi in bai ruɓe ba. In za ki dawo ni shawarata ki ajiye yuriya ki koma NPK 15-15-15, murfin kwalbar lemo ɗaya a shafe ga kowane bokiti, duk bayan sati uku. Ki ba da ruwa tukuna, ki tona ɗan rami can jikin bokiti kamar yatsa huɗu daga karan, ki binne ki sake ba da ruwa, da yamma ba da tsakar rana ba. Ni na fi son in narkar da shi, ƙaramin cokali ɗaya a ruwa lita biyar in raba wa bokiti biyu ko uku duk sati biyu, a zuba a ƙasa kar ya taɓa ganye. Yuriya in ta yi yawa ko ba ta ƙona ba ganye kawai za ki samu fure na zubewa. Sannan duk wata ki yi musu ban ruwa mai yawa sau ɗaya har ya riƙa zuba ta ƙasa, musamman lokacin zafin Maris da Afrilu da ƙasar bokiti ke saurin bushewa gishirin na taruwa.